Sauya Sunan Kamfani: Tambayoyi da Amsoshi kan Banki, Haraji, Inbois da Alluna

Waɗannan amsoshi sun shafi kamfani mai rajista, wanda doka take kallonsa a matsayin mai cin gashin kansa daban da mutanen da suka mallake shi. Fom da wa'adi sukan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tsarin aikin kusan ɗaya ne, kuma wurin da ake yawan samun matsala shi ne 'yan makonnin da ke tsakanin fitowar sabon suna da lokacin da kowa ya gyara bayanansa. A wannan tsakanin ne kuɗi ke maƙalewa a hanya, don haka a nan muka fi tsayawa.

Idan muka sauya suna, kamfanin ya zama sabo ke nan?

A'a. Kamfanin yana nan yadda yake, da lambar rajistarsa, da kadarorinsa, da bashin da yake bi, da bashin da ake binsa. Mutumin da ya sauya suna ba ya kuɓuta daga bashin da ya ci da tsohon sunansa, kuma wanda yake riƙe da kuɗinsa ba zai ce bai san shi ba. Haka abin yake ga kamfani. Dokar kamfanoni ta Birtaniya ta 2006 ta faɗi wannan ƙarara: sauya suna ba ya taɓa haƙƙoƙin kamfani ko nauyin da ke kansa, kuma shari'ar da aka fara da tsohon suna ana ci gaba da ita da sabo. Ƙasashe da yawa suna da tanadi irin wannan.

Abin da ke haɗa tsohon suna da sabo shi ne lambar rajista, domin ita ba ta canzawa. Duk wasiƙar da za ku rubuta wa banki, ofishin haraji ko abokin ciniki, ku sa wannan lamba a cikinta. Idan kuma kuka ga an ba ku sabuwar lambar rajista, to sabon kamfani aka buɗe muku, wanda aiki ne dabam mai nauyi: sai an mayar da kwangiloli, da ma'aikata, da kadarori zuwa gare shi ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa sai ɗaya ɓangaren ya amince.

Lallai ne mu taɓa sunan rajista? Ba za mu iya canza sunan da ke kan allo kawai ba?

Ya kamata a yi wannan tambaya tun kafin a fara komai. Sunan rajista shi ne wanda ke kan takardar shaidar kamfani, da kwangila, da asusun banki. Sunan kasuwanci shi ne wanda jama'a suka san kayanku ko shagonku da shi. Ana iya canza ɗaya a bar ɗaya. A watan Oktoba na 2021 kamfanin Facebook ya koma Meta Platforms, amma manhajar da mutane ke amfani da ita ta ci gaba da amsa sunan Facebook.

Idan burinku shi ne sabon suna a idon kwastomomi kawai, sau da yawa ya isa ku yi rajistar sunan kasuwanci ko tambari, ku riƙa rubuta sunan kamfani na asali a ƙasan takardunku. Wannan zai rage muku aikin banki da na haraji sosai. Sauran amsoshin nan na wanda ya yanke shawarar canza sunan rajistar ne.

Daga wace rana sabon suna yake fara aiki?

A ƙasashe da yawa, daga ranar da hukumar rajistar kamfanoni ta fitar da takardar shaidar sauya suna. Ranar da daraktoci suka zauna, ko ranar da aka miƙa fom, ba su ne ake lissafi da su ba.

Kafin a kai nan, ana fara binciken ko sunan yana nan ba wanda ya riga ku, a ajiye shi idan hukumar tana ba da damar hakan. Daga nan masu hannun jari su zartar da ƙuduri na musamman, wanda a ƙasashe da yawa yake bukatar kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa. Sai a miƙa ƙudurin da fom da kuɗin rajista. Hukumar tana iya ƙin sunan idan ya yi kama da na wani kamfani, ko yana ɗauke da kalmar da ke nuna alaƙa da gwamnati ko sana'ar da ke bukatar lasisi, kamar banki ko inshora.

Abubuwa biyu nake ganin bai kamata a yi sakaci da su ba a wannan mataki. Na farko, amincewar hukumar rajista ba ta nufin kun mallaki sunan a kasuwa. Rajistar tambarin kasuwanci wani kundi ne dabam, kuma mai tambari yana iya tilasta muku sake canza suna bayan kun gama buga komai. A binciki kundin biyu. Na biyu, kada a biya mai buga takardu ko mai yin allo kafin takardar shaida ta zo hannu, kuma idan ta zo a kwafi sunan daga kanta harafi da harafi, har da kalmar ƙarshe da ke nuna nau'in kamfanin.

Takardar shaida ta fito. Wa za mu fara sanarwa?

Banki da ofishin haraji, a mako ɗaya idan zai yiwu, sannan manyan abokan cinikin da kuke bin kuɗi. Dalilin fara da banki shi ne duk wanda za ku sanar daga baya zai so ya ga sunan da ke kan inbois ya yi daidai da sunan da ke kan asusu. Idan kuka fara shelanta sabon suna alhali banki bai gyara ba, kwastoma zai shigar da lambar asusunku ya ga wani suna daban, kuma mai hankali a cikinsu zai dakata.

Abin da ya fi sauƙaƙa aikin shi ne ku kira jami'in da ke kula da asusunku tun kuna jiran takardar shaida, ku tambaye shi abin da za su nema da tsawon lokacin da gyaran ke ɗauka. Da wannan amsar za ku tsayar da ranar da za ku sanar da jama'a.

Me banki zai nema, kuma lambar asusu za ta canza?

Yawanci lambar asusu ba ta canzawa, tunda mai asusun bai canza ba. Bankin zai nemi takardar shaidar sauya suna, da kwafin ƙudurin, da wasiƙa mai sa hannun waɗanda aka ba izinin sa hannu a asusun. Wasu suna neman kundin tsarin kamfani da aka gyara, da samfurin sabon hatimi idan hatimi yana cikin sharuɗɗan fitar da kuɗi. Kada ku yi mamaki idan suka yi amfani da wannan dama suka sabunta bayanan daraktoci da na masu mallakar kamfanin. Katin shaida ɗaya da wa'adinsa ya ƙare yana iya tsayar da aikin gaba ɗaya, don haka a duba na kowa tun da wuri.

Abin da mutane ke mantawa shi ne alaƙarsu da banki ba asusu ɗaya ba ce. Akwai littafin cek, da katin kamfani, da na'urar karɓar kuɗi da kati wadda ke buga suna a kan rasit, da asusun kuɗin ƙasashen waje, da umarnin cire kuɗi kai tsaye duk wata. Idan kuna da rance, ku karanta yarjejeniyarsa: sau da yawa tana wajabta sanar da banki a rubuce idan an sauya suna, wani lokaci ma kafin a sauya. Kamfanin da ke sarrafa muku biyan kuɗi ta intanet shi ma yana da nasa bayanai daban da na banki, kuma idan sunan da ke wurinsa bai dace da na asusun ba yana iya riƙe kuɗin cinikinku har sai an daidaita.

Idan aka turo kuɗi ko aka rubuta cek da tsohon suna fa?

Wannan zai faru, ko da kun sanar da kowa. Kuɗin da aka turo a cikin gida galibi lambar asusu yake bi, don haka yana shiga, sai dai a inda banki ke gwada suna da lamba kafin a tura zai nuna wa mai biya gargaɗi. Cek ya fi tsauri domin suna ake dubawa, haka ma kuɗin da ke zuwa daga ƙasar waje, wanda bankin da ke tsakani yana iya tsayar da shi ya nemi bayani, ko ya mayar da shi bayan an cire kuɗin hidima.

Maganinsa shi ne ku roƙi bankinku a rubuce ya ajiye tsohon suna a bayanan asusun, ya ci gaba da karɓar biyan da aka yi da shi na wani lokaci, kuma ku sami amsarsa a rubuce tare da ranar da wannan sassauci zai ƙare. Idan kuna da takardar lamunin banki ta cinikin ƙasa da ƙasa da aka buɗe da tsohon suna, kada ku aika takardun kaya da sabon suna sai an gyara ta. A irin wannan ciniki banki takardu yake dubawa, kuma bambancin suna ya isa dalilin ƙin biya.

Lambar harajinmu za ta canza? Ba hukumar rajista ce za ta sanar da ofishin haraji ba?

Lambar haraji yawanci tana nan, sunan da ke jikinta ne ake gyarawa. A wasu ƙasashe hukumomin biyu suna musayar bayanai, amma ko a can bai kamata ku ɗauka an yi ba sai kun shiga shafinku na haraji kun ga sabon suna da idonku. Ku lura kuma cewa kamfani yakan kasance da rajista fiye da ɗaya: harajin ribar kamfani, harajin VAT, harajin albashin ma'aikata, da rajistar kwastam idan kuna shigo da kaya. Wasu suna ƙarƙashin ofisoshi daban-daban, kuma gyara ɗaya ba ya gyara saura.

Shekarar lissafinku ba ta yankewa saboda sauya suna. Rahoton haraji ɗaya za ku miƙa na shekarar, da sabon suna, a ƙarƙashin lamba ɗaya. Inda ake samun ciwon kai shi ne harajin da abokin ciniki ke cirewa daga kuɗinku ya biya wa hukuma a madadinku. Idan ya rubuta takardar shaidar cirewar da sunan da bai dace da wanda ke wurin hukuma ba, kuɗin yana iya ƙin shiga lissafinku, sai a ƙarshen shekara ku gano ana neman ku biya abin da an riga an cire muku. Ku tabbata lambar harajinku tana kan kowace irin wannan takarda.

Inbois ɗin da muka riga muka fitar da tsohon suna, sai mun sake buga su?

A'a. Ranar da ke kan takardar shaida ita ce iyaka. Bari mu bi misali ɗaya. A ce kamfanin da ke sayar wa asibitoci kayan aiki ya sami takardar shaidarsa ranar 14 ga Maris, kuma yana ba kwastomomi kwana 30 su biya.

Inbois mai lamba 412 ya fita ranar 3 ga Maris da tsohon suna, za a biya shi a farkon Afrilu. Wannan ingantacce ne, domin a ranar da aka rubuta shi sunan kamfanin ke nan. Ba a taɓa shi. Abin da ake yi shi ne a aika wa asibitin sanarwa da kwafin takardar shaida, don mai biya ya san dalilin da zai ga wani suna a kan asusu.

Inbois mai lamba 419 na kayan da aka kai ranar 10 ga Maris ne, bisa odar da asibitin ya rubuta da tsohon suna, amma sai ranar 16 aka fitar da shi. Wannan da sabon suna zai fita, a ƙarƙashinsa a rubuta "wanda a da ake kira" tare da tsohon sunan, da lambar rajista, da lambar odar. In ba haka ba, akawun asibitin zai gwada oda da inbois ya ga sunaye biyu, ya ajiye takardar gefe.

Inbois mai lamba 423 ya fita ranar 20 ga Maris da tsohon suna, saboda wani ma'aikaci ya yi amfani da tsohon samfurin da ke kan kwamfutarsa. Bashin yana nan a kan asibitin, amma takardar tana da aibi, kuma mai saye da ke son cire harajin VAT da ya biya daga lissafinsa yana da hujjar ƙin karɓarta. A nan ba a goge lamba 423 daga littafi ko a sake buga ta da wani suna a ɓoye. Ana fitar da takardar soke ta, sannan a fitar da sabon inbois mai sabuwar lamba wanda ya ambaci 423.

Ku lura lambobin sun ci gaba da tafiya daga 412 zuwa 423 ba tare da an koma 1 ba. Sake fara lamba yana jawo lambobi biyu iri ɗaya a shekara guda, kuma mai binciken lissafi zai tambaya. Akwai wani tarko a manhajar lissafi: wasu suna ɗauko suna daga saitin kamfani duk lokacin da aka buga takarda, don haka da zarar kun canza saitin, tsofaffin inbois za su riƙa fitowa da sabon suna. Kafin ku canza, ku adana kwafin duk waɗanda suka gabata yadda aka aika su.

Yaya za mu sanar da kwastomomi ba tare da sun ɗauka 'yan damfara ne ba?

Tsoronsu yana da tushe. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin damfara shi ne a aika wa kamfani saƙo da sunan mai kawo masa kaya, a ce an sauya suna da asusu, a riƙa biya a sabon wuri. Sanarwarku ta gaskiya tana kama da wannan saƙo, kuma ɓarawon da ya ji labarin sauyin yana iya riga ku aika nasa.

Saboda haka ku aika sanarwar daga adireshin imel ɗin da suka saba gani, da sa hannun mutumin da suka sani. Ta ƙunshi tsohon suna, sabon suna, ranar sauyi, lambar rajista da ta haraji, sannan jimla ɗaya a fili: lambar asusunmu ba ta canza ba, duk wanda ya ce muku ta canza ku kira mu a lambar wayar da kuke da ita tun da. Ina ba da shawara mai ƙarfi kada ku haɗa sauya suna da sauya banki a lokaci ɗaya. Idan dole ne a yi duka biyu, a bar 'yan watanni tsakani.

Ga manyan kwastomomi, wasiƙa ga manajan da kuke hulɗa da shi ba ta isa ba. Sashen biyan kuɗi ne ke riƙe da kundin masu kawo kaya, kuma suna da nasu fom. Ku kira su ku tambayi abin da suke bukata, ku kuma roƙe su su gyara sunan a kan bayananku na da, kada su buɗe muku sabon shafi. Idan aka buɗe sabo, tsofaffin inbois suna zama a wani shafi, biya yana shiga wani, har lissafin ɓangarorin biyu ya daina haɗuwa.

Masu kawo mana kaya da kwangilolin da muka sa wa hannu fa?

Kwangilolin suna nan da ƙarfinsu, ba a bukatar sake sa hannu. A duba sashen da ya yi maganar sanarwa, a bi hanyar da ya tanada. Idan wani ya ce sai an rubuta sabuwar yarjejeniya, ku karanta ta da kyau, domin yana iya shigar da sababbin sharuɗɗa a ciki. Gajeriyar takarda da ke tabbatar da sauyin suna ta wadatar.

Daga masu kawo kaya abin da kuke so shi ne inbois ɗinsu ya zo da sabon sunanku daga ranar sauyi, tunda da shi za ku kafa hujjar kuɗin da kuka kashe. Wanda ya zo da tsohon suna a mayar a nemi gyara tun kafin a biya, lokacin da mai shi yake da dalilin gaggawa.

Alluna, takardun da aka riga aka buga, da shafin intanet: duk sai a rana ɗaya?

Ba duka ba. A ƙasashe da yawa doka ta wajabta sunan rajista ya bayyana a ofishin kamfani na rajista da kan wasiƙu, inbois, rasit, takardun oda da shafin intanet. Waɗannan su ne na gaggawa, tare da hatimi. Tsohon hatimi a karɓe shi daga hannun ma'aikata a kulle. Babban allon talla, rubutun jikin motoci da rigunan ma'aikata suna iya bin baya gwargwadon ƙarfin aljihu, sai dai a tuna cewa a wurare da yawa kafa sabon allo yana bukatar izinin hukumar gari ko na mai gini. Kwalaye da lakabin kaya da ke ɗauke da tsohon suna galibi ana iya ƙarar da su, amma idan kayan na ƙarƙashin hukumar sa ido ne, kamar magani, a nemi izininta tukuna.

Tsohon adireshinku na intanet kada ku bar shi ya mutu. Ku ci gaba da biyan kuɗinsa shekaru, ku sa ya riƙa kai masu ziyara da saƙonnin imel zuwa sabon. Wanda ya saye shi bayan kun sake shi zai iya karɓar saƙonnin da kwastomominku suka aiko muku, ya kuma rubuta musu da sunanku.

Har yaushe za mu ci gaba da rubuta tsohon suna, kuma yaya za mu san an gama?

Inda doka ta sa wa'adi, a bi shi. Inda ba ta sa ba, shekara ɗaya ma'auni ne mai kyau, domin a cikinta ne duk abin da ake sabuntawa shekara-shekara zai zagayo: inshora, lasisin sana'a, takardun motoci, hayar ofis, rahoton haraji. Kwastoman da ke saye sau ɗaya a shekara shi ma zai ga sanarwar. Inshora kam kada a jira ta zagayo, a sa kamfanin inshorar ya gyara sunan yanzu, don ranar neman diyya ba ranar fara bayani ba ce. Haka takardun fili da gini, da asusun fanshon ma'aikata, da shari'ar da ke gaban kotu, wadda lauyanku zai sanar da kotun.

Hanya mafi sauƙi ta gano wanda aka manta ita ce a ɗauko bayanin asusun banki na watanni 12 da suka wuce, a fitar da sunan duk wanda ya biya ku da duk wanda kuka biya. A gaban kowane suna a rubuta ranar da aka sanar da shi da ranar da takarda ta fara zuwa daga wurinsa da sabon suna. Wanda gurbinsa na biyu yake fanko bai gyara ba tukuna, ko da ya ce ya ji, sai a sake kiran sashen lissafinsa.